Darasi: Yadda launi zai nuna maka ciniki a takardar Excel

Mai shago da ke rubuta cinikinsa kullum a Excel yakan wayi gari da dogon jerin lambobi, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya gane ranar da kasuwa ta yi kyau da ranar da ta faɗi. A wannan darasi za mu sa Excel ya shafa wa lambobin launi da kansa: kore ga ranar da aka yi ciniki mai kyau, ja ga ranar da ciniki ya yi ƙasa. Sunan wannan aiki a kan allo shi ne Conditional Formatting, ma'ana launin yana bin sharaɗi. Idan lambar ta cika sharaɗin, akwatinta ya ɗauki launi. Idan ka canza lambar ta daina cika shi, launin ya tafi. Wannan ne ya bambanta shi da launin da kake shafawa da hannu, wanda yake zama daram ko da lambar ta canza.

Mu ɗauki wata mai shagon kayan masarufi. A layin tsaye na A tana rubuta rana, a na B kuɗin da ya shigo. A1 da B1 kanun layi ne, lambobi sun fara daga B2. Ga mako ɗaya:

| Rana | Ciniki |
|---|---|
| Litinin | 42000 |
| Talata | 27500 |
| Laraba | 50000 |
| Alhamis | 61000 |
| Juma'a | 18000 |
| Asabar | 73500 |
| Lahadi | 30000 |

Kafin ta taɓa kwamfuta sai ta yanke shawara a kan iyakoki biyu, kuma a ganina nan ne asalin aikin yake. Ta san cewa idan ciniki bai kai naira 30,000 ba, ribar ranar ba ta ɗaukar kuɗin haya da na man janareta da na yaron shago. Idan ya haura naira 50,000, ranar ta yi albarka. Waɗannan lambobi na shagonta ne. Kai ka duba littafinka ka fitar da naka, domin idan ka ɗora iyaka inda ba ta dace ba, takardar duk za ta yi ja ko duk ta yi kore, ka rasa abin da za ka karanta a ciki.

Yanzu ka kunna taka kwamfutar mu yi tare. Danna B2, riƙe maɓallin hagu na linzami, ja zuwa B8 har akwatunan bakwai su yi duhu. Wannan zaɓen shi ke gaya wa Excel inda dokar za ta yi aiki, saboda haka kar ka haɗa da kanun layi. A saman allo danna Home, ka nemi Conditional Formatting, sai Highlight Cells Rules, sai Greater Than. Ƙaramar taga za ta buɗe. A gurbin hagu rubuta 50000, a na dama zaɓi Green Fill with Dark Green Text, ka danna OK. Alhamis da Asabar za su koma kore. Ba tare da ka saki zaɓen ba, sake bin wannan hanya, amma ka ɗauki Less Than, ka rubuta 30000, ka bar shi a kan Light Red Fill with Dark Red Text. Talata da Juma'a za su yi ja. Wanda Excel ɗinsa na Faransanci ne, kamar yawancin 'yan'uwa a Nijar, zai sami abin a ƙarƙashin Accueil da sunan Mise en forme conditionnelle.

Dubi Laraba da kyau. Cinikinta 50000 ne cif, amma ba ta yi kore ba, saboda Greater Than yana nufin abin da ya zarce lambar, ita kanta lambar ba ta ciki. Haka Lahadi mai 30000 ba ta yi ja ba. Idan kana so ranar da ta kai 50000 daidai ta shiga kore, tunda ba ka rubuta kwabbai, sa 49999 a wurin iyakar ya wadatar.

Ka gwada ka ga yana aiki: goge 42000 na Litinin ka rubuta 55000. Da ka danna Enter akwatin zai yi kore. Mayar da shi yadda yake.

Akwai matsaloli biyu da kusan kowane ɗalibi yake faɗawa ciki. Ta farko tana zuwa ne idan mutum ya ce bari ya shirya wata guda gaba ɗaya, ya zaɓi B2 zuwa B32 ya ɗora dokar Less Than. Nan take duk ranakun da ba a rubuta komai ba sai su yi jajir. Kwamfutar ba ta lalace ba. Excel yana ɗaukar akwatin da babu komai a matsayin sifili, sifili kuwa bai kai 30000 ba. Maganinsa shi ne a rubuta dokar jan da hannu. Zaɓi B2 zuwa B32, ka shiga Conditional Formatting, sai New Rule, sai Use a formula to determine which cells to format, ka rubuta:

```
=AND(B2<>"",B2<30000)
```

Fassararsa: a shafa launi idan akwai abu a akwatin, kuma abin bai kai 30000 ba. Danna Format, ka shiga Fill ka zaɓi ja, sai OK sau biyu. B2 kawai ka ambata, amma Excel zai bi sauran akwatunan da ka zaɓa ya auna kowanne da kansa. Kar ka manta da tsohuwar dokar jan, tana nan har sai ka cire ta. Shiga Manage Rules, danna ta, ka danna Delete Rule.

Matsala ta biyu ta fi haɗari, domin tana nuna maka alheri inda babu shi. A ce yaron shago ya rubuta N18000 a ranar Juma'a, da harafin N a gaba. A wurin Excel wannan ya zama rubutu, ya fita daga lissafi, kuma idan yana auna girma yakan ɗora rubutu a sama da kowace lamba. Sai ka ga ranar da ta fi kowace faɗuwa ta yi kore shar, jimillar mako kuma ta tsallake ta. Alamar ganewa mai sauƙi ce: idan ba a taɓa tsarin akwatin ba, lamba tana jingina da gefen dama, rubutu kuwa da gefen hagu. Duk lambar da ka ga ta maƙale a hagu, goge ta ka sake rubuta ta zalla, ba N, ba kalmar naira. A kanun layi za ka rubuta cewa kuɗin naira ne.

A cikin jerin Conditional Formatting za ka ga Color Scales da Data Bars da Icon Sets, masu ɗaukar ido. Color Scales, yadda yake zuwa, yana auna ranakun ne da junansu, don haka ko a makon da aka yi asara kullum, ranar da ta fi dama-dama za ta fito da launin nasara. Ga mai son sanin ko ya fitar da kuɗin haya, dokoki biyun da muka yi sun fi faɗa masa gaskiya. Launi biyu sun isa takardar shago. Kuma idan a ajinku akwai wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore, ya ɗauki shuɗi a madadin kore ta hanyar Custom Format.

Aikin gida: rubuta cinikinka na kwana bakwai da suka wuce, ka fitar da iyakokinka biyu, ka ɗora dokokin. Bayan haka ka rubuta lamba ɗaya da N a gabanta da gangan, ka duba launin da ta ɗauka da gefen da ta jingina, sannan ka gyara ta. Idan abin ya rikice maka, shiga Clear Rules ka zaɓi Clear Rules from Selected Cells. Launin ne kawai zai tafi, lambobinka suna nan. Ka zo da takardar aji na gaba tare da dalilin da ya sa ka zaɓi waɗannan iyakoki.