Darasi: Mayar da ɗigo da alamar karin sauti a katin gaisuwa na Yarbanci

A ce maƙwabciyarku Bayarabiya ce, kuna so ku kai mata katin murnar zagayowar ranar haihuwa. An turo muku kalmomin ta waya haka:

E ku ojo ibi. Igba odun, odun kan ni.

Kada ku kai wa mai bugawa a haka, rubutun bai cika ba. Yadda ƙasa da kasa suka bambanta a Hausa saboda lanƙwasa ɗaya, haka alamomin Yarbanci suke raba ma'ana.

Ku fara da ɗigo, shi ya fi sauƙi. Haruffa uku ne kawai suke ɗaukar ɗigo a ƙasa: ẹ, ọ da ṣ. Harafin ṣ shi ne "sh" namu. Su kuwa ẹ da ọ, ana buɗe baki sosai wajen furta su fiye da e da o. Ku sa Bayarabe ya karanta muku saƙon a hankali, kuna sauraren wasula. Za ku samu Ẹ, ọjọ da ọdun.

Sai karin sauti, inda aikin yake. Yarabawa suna koyar da shi da dò, re, mí. Murya ta yi ƙasa, a sa alama kamar ta ò. Ta yi sama, a sa kamar ta ó. Ta tsaya tsakiya, a bar wasalin ba komai. Ku bi saƙon gaɓa-gaɓa. Ọjọ́ rana ce, amma òjò ruwan sama ne. Wadda ta fi haɗari ita ce ibi: ìbí haihuwa ce, ibi mara alama kuwa tana nufin sharri. Wato in kun gyara ọjọ́ kuka manta da ìbí, kun rubuta wa baiwar Allah "ranar sharri" a katin murna.

Akwai kuma masu zuba alama ko'ina don rubutu ya yi kama da Yarbanci, wannan ma ɓarna ce. Igba a nan ɗari biyu ce, addu'ar tsawon rai ake yi, kamar a ce shekara ɗari biyu ta zama tamkar ɗaya. Ba ta son alama ko guda. In kun rubuta ìgbà ta koma lokaci, igbá kuma ƙwarya.

Ga yadda zai fito:

Ẹ kú ọjọ́ ìbí. Igba ọdún, ọdún kan ni.

Kafin a buga da yawa, ku nemi gwaji ɗaya a takarda, ku duba ọ́ ta cikin ọjọ́. Alama biyu take ɗauke da su, sama da ƙasa, kuma wasu salon haruffa suna ture ɗaya gefe ko su fito da ɗan akwati. In haka ta faru, a canza salon haruffan.

Aikin gida: ku gyara "E ku odun" da "E se", ku kai wa Bayarabe ya karanta da ƙarfi.