Yadda Ake Cire Hauhawar Farashi Kafin a Zana Farashin Shekaru Masu Yawa

A watan Janairun 2012, bayan zanga-zangar tallafin mai, litar fetur ta tsaya a ₦97. A watan Mayun 2016 ta koma ₦145. Wanda ya zana waɗannan kuɗi yadda suke zai ga layi ya hau da kusan rabi, alhali nairar 2012 da ta 2016 sunansu ne kawai ɗaya, abin da suke saye ya sha bamban. Don haka kafin ka ja layi, ka mayar da kowane farashi zuwa nairar shekara guda.

Abu na farko da za ka nema shi ne ma'aunin farashin kayan masarufi, wanda a shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Bankin Duniya za ka gan shi da sunan CPI. Ka kula, lamba biyu ce ke fitowa: akwai kaso cikin ɗari da ake karantawa a labarai, akwai kuma shi ma'aunin kansa, lambar da ta faro daga 100 tana hawa. Ta biyun kake so. A jadawalin Bankin Duniya na Najeriya, wanda ya ɗauki 2010 a matsayin 100, shekarar 2011 tana kusan 111, 2012 kusan 124, 2016 kusan 184, 2024 kuma kusan 699.

Sai ka zaɓi shekarar da za ka auna komai da ita. Ni na fi son ta kusa-kusa, domin mai karatu yana riƙe da darajar kuɗinta a ka. Mu ɗauki 2024.

Lissafin bai da wuya. Ka ninka tsohon farashi da ma'aunin 2024, ka raba da ma'aunin shekarar da aka biya kuɗin. Idan a Excel ne, farashi yana layin B, ma'auni yana C, sai ka rubuta wannan ka ja shi ƙasa:

```
=B2*699/C2
```

Litar ₦65 ta 2011 za ta zama kimanin ₦409 a nairar 2024. Ta ₦97 za ta zama kimanin ₦547, ta ₦145 kuma kimanin ₦551. Ka ga ke nan tsallen gaske tsakanin 2011 da 2012 ya faru. Farashin 2016 kuwa kusan komawa ya yi inda yake shekara huɗu baya, bayan hauhawar farashi ta yi ta cin ₦97 ɗin a hankali. Zanen da ba a gyara ba ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara kason shekara-shekara. Daga 2013 zuwa 2016 hauhawar ta kasance kusan 8.5, 8, 9 da 15.7 cikin ɗari. Idan ka tara za ka samu 41, amma 184 a raba da 124 yana ba da ƙarin 48 cikin ɗari, saboda ƙarin kowace shekara a kan na bara yake hawa. Idan shekarun sun kai goma, tazarar ta fi ƙarfin a kawar da kai.

Akwai kuma wani tarko sabo. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, wato ma'aunin ya sake farowa daga 100. Duk wanda ya jera tsofaffin lambobi da sababbi a layi ɗaya zai ga farashinsa ya yi tsalle sau da yawa a wuri guda, kuma da wannan tsallen za ka gane an yi cakuɗa. Maganinsa ka sami lokacin da yake cikin jerin biyu, ka raba tsohuwar lambar da sabuwar, ka ninka duk sababbin lambobi da abin da ya fito.

Ka kuma duba ko farashin ya zauna wuri ɗaya cikin shekarar. A 2024 lita ta faro a ₦617 a Abuja, zuwa Oktoba ta haura ₦1,000. A irin wannan shekara ma'aunin wata-wata za ka ɗauko, ka haɗa farashin kowane wata da lambarsa. Shi ma ma'aunin matsakaicin ƙasa baki ɗaya ne. Idan buhun gero a Dawanau kake bibiya, lissafin zai nuna maka ko geron ya fi sauran kaya tashi, amma ba zai gaya maka ko aljihun magidanci ya iya sayensa ba. Wannan sai ka gyara albashi ma da lissafi iri ɗaya.

A ƙarshe ka zana layi biyu, na kuɗin da aka biya a lokacin da na wanda ka gyara. Dole su haɗu a 2024. Idan ba su haɗu ba, akwai kuskure a lissafinka. A gefen zanen ka rubuta "naira a darajar 2024", ka faɗi ma'aunin da ka yi amfani da shi.