Kibiyar da ba ta da suna ba ta ba da maki

Kowace shekara in jarrabawa ta matso, yaran da nake wa bitar tarihi a nan Garwa sukan kawo mini takarda cike da shekaru a jere: 1884, 1916, 1946, 1961. Sun haddace su tsaf. Amma ka tambayi ɗaya me ya haɗa 1916 da 1961, sai ya kama sosa ƙeya. To ita jarrabawa dalili take tambaya, don haka layin shekarunka dole ya nuna wanne ya jawo wanne.

Kuskure na farko shi ne farawa daga shekara mafi tsufa ana gangarowa. Ni daga ƙarshe nake farawa, da tambaya guda. Rubuta 11 ga Fabrairu 1961 a gefen dama na takarda: ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamarun da ke hannun Ingila, kan ya shiga Najeriya ko Kamaru. Me ya sa aka yi ta? Saboda Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke sa ido kan yankin tun 1946, lokacin da ya zama ƙasar riƙon amana. Sa 1946, ja kibiya. Me ya sa aka ba Ingila amanar? Domin tun 1922 take riƙe da shi a ƙarƙashin tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashe. Ita kuma 1922 tabbatar da rabon da Ingila da Faransa suka yi a 1916 ta yi, bayan sun kori Jamus, rabon da aka shata iyakarsa a 1919. Ka ga duk shekarar da ta hau takardar, tambaya ce ta kirawo ta. Wadda babu tambayar da ta kira ta, bar ta a littafi.

Sai wanda ya fi ƙona mini rai: kibiya ba rubutu a kanta. Yaro ya ji malam ya ce a nuna alaƙa, sai ya bi duk shekaru biyu da ke maƙwabtaka ya ja musu kibiya. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta ja tata daga taron Berlin na Turawa kan Afirka zuwa shigar Jamus Kamaru, ta kuma rubuta haka a gwajin makaranta, malaminta ya soke sakin layin gaba ɗaya. Ta zo tana cewa an zalunce ta. Na ce ɗiyata, sa watanni mu gani. Yarjejeniyar Jamusawa da sarakunan Duwala a Yulin 1884 aka yi ta. Taron Berlin a Nuwamban 1884 aka buɗe shi, aka tashi a Fabrairun 1885. Ɗa ya riga ubansa zuwa duniya ke nan? Kibiyarta a juye take, kuma da ta rubuta wata a gefen shekarar da tuni ta gani da kanta. Haba jama'a! Abu ya biyo bayan abu ba shi ne ya nuna shi ya haddasa shi ba.

Dokata ita ce kowace kibiya ta ɗauki kalmar aiki: "ya jawo", "ya tabbatar da", "ya soke", "ya buɗe hanya ga". Sannan ka karanta da ƙarfi a jimla ɗaya: "Faɗuwar Garwa a Yunin 1915 ta buɗe hanya ga sojojin Ingila da Faransa su nausa kudu." In jimlar ta ƙi fita daga bakinka, ba ka san alaƙar ba, goge kibiyar ka koma littafi. Shi ya sa nake cewa da fensir za a ja su.

Wasu kuma kan cusa komai a layi ɗaya. Ni biyu nake ja, na sama ga abin da ya faru a waje, na ƙasa ga na gida. Yaƙin 1914 da 'yancin Najeriya na 1 ga Oktoba 1960 suna sama, 'yancin Kamaru na 1 ga Janairu 1960 yana ƙasa. Kibiyoyi biyu daga waɗannan 'yancin su sauka a kan 1961, nan take za ka ga dalilin da zaɓin ya kasance tsakanin ƙasashen biyu. Daga 1961 kuma kibiya ta rabu biyu, don dabam-dabam aka ƙirga ƙuri'un: arewa, wato su Mubi da Dikwa, ta shiga Najeriya a 1 ga Yuni, kudu ta haɗu da Kamaru a 1 ga Oktoba.

Ƙananan kurakurai: kada tazarar 1922 zuwa 1946 ta zama daidai da ta 1960 zuwa 1961, in wuri ya cushe buɗe wa 1960 da 1961 takardarsu. Launi biyu sun isa. Kwafar layin aboki ɓata tawada ce, tunda ba kai ka yi tambayoyin ba.

Daren bita, kife takardar ka sake zanawa da ka, ka fara da kibiyoyi da kalmominsu, shekarun su zo daga baya. Inda ka tsaya cak, wannan babin za ka buɗe gobe da safe.