Darasi na 7: Lissafin sirka zoɓo mai yawa na biki ko na saidawa

Yau zamu ɗauki aiki guda ɗaya mu bi shi har ƙarshe. An kawo miki oda ta suna, ana son zoɓo gora 100, irin gorar nan ta rabin lita. Rabin lita sau 100 lita 50 kenan, wato jarka biyu mai cin lita 25. To ba wanda zai ɗora tukunyar lita 50 a murhu don zoɓo, itace ma ya isheki asara. Abinda akeyi shine a dafa shi da kauri sosai da citta da kanumfari, a tace a rariya, ya huce, sannan a sirka da ruwa.

Kafin ki taɓa babban mazubi ki fara gwaji da ƙaramin kofi, saboda zoɓo ba ɗaya bane, wani baƙi ne mai kala sosai, wani ja ne mai tsami, kuma dahuwar yau ba lallai tazo ɗaya da ta jiya ba. Ki zuba kofi 1 na mai kaurin a kwano, ki dinga ƙara ruwa kofi ɗaya ɗaya da wannan kofin dai kina ɗanɗanawa kina ƙirgawa. A ce a kofi na 4 kikaji ya zauna, kalarsa ja mai duhu, tsamin bai kama haƙori ba. Awonki ya zama 1 da 4.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. 1 da 4 idan aka haɗa kashi 5 ne. Sai kiga mace ta raba 50 gida 4 ta samu 12 da rabi, ta zuba, zoɓo ya fito da tsami tana mamaki. Gida 5 zaki raba. 50 a raba 5 ya bada 10, don haka mai kauri lita 10, sauran lita 40 ruwa.

Amma fa wannan lita 40 ɗin ba ruwan famfo zalla bane, duk wani abu mai ruwa da zai shiga mazubin daga cikinta za'a cire shi. Na farko ruwan suga. Kar ki zuba suga gari a zoɓo mai sanyi, ƙasa yake kwanciya, gorunan farko su fito salam na ƙarshe kuma kamar zuma. Ki narka shi daban a ruwan zafi. Idan ana son zaƙi irin na lemon kwalba, wajen giram 100 ne a kowace lita, lita 50 zata ci kilo 5, ni dai a ganina ya ɗan yi yawa, kilo 4 ma yana yi in zoɓon ba mai tsami bane, amma mu bi 5 ɗin don lissafi. Kilo 5 na suga a ruwa lita 5 idan ya narke ba lita 5 zaki gani ba, kusan lita 8 zai zama, domin shima sugan yana cin wuri. To 40 a cire 8 saura 32.

Na biyu ƙanƙara. In a kula za'a kai a dinga ɗiba da kofi kuma zaki jefa ƙanƙara ciki, ki sani kilo 1 na ƙanƙara in ta narke lita 1 ce ta ruwa. Kilo 5 kika sa, ruwanki ya koma lita 27. In ko a firiza gorunan zasu kwana ki bar shi 32.

Wajen haɗawa ki fara zuba mai kaurin, sai ruwan suga, ki juya, sannan ruwa, amma ki riƙe kamar lita 3 a gefe tukunna. Ki juya da babban ludayi tun daga ƙasa, ki ɗebo kaɗan ki sa a firij yayi sanyi kafin ki yanke hukunci, don sanyi yana rage jin zaƙi, abinda kikaji daidai da ɗumi zai iya zama salam a bakin mai saye. In yayi kauri ki ƙarasa ruwan da kika riƙe. In kuwa kin riga kin tsinka shi, kalar ta koma ja fayau har kina hango gindin kofi, ƙarin suga bazai gyara ba, ruwan zaƙi kawai zaki samu, sai an sake dafa wani mai kauri an ƙara. Tsami kuma kar ki ce zaki kashe shi da kanwa da yawa, tana juya jan ya koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ma ya canza.

Aikin gida: ana son gora 60 ta rabin lita, gwajinki ya bada 1 da 5, ruwan sugan da kika narka lita 5 ne, ba ƙanƙara. Lita nawa ne duka, mai kauri nawa, ruwa nawa? Ki rubuta a littafinki ki taho dashi aji.