Yadda ake ɗaukar bidiyon ɓangare ɗaya na allon kwamfuta ba tare da saman burauza ya fito ba

Malamai da ɗalibai da dama a nan Damagaram sun fara ɗaukar bidiyon allon kwamfuta don nuna yadda ake cike takardar rajista a intanet ko yadda ake duba sakamakon jarrabawa, sannan su tura a zauren WhatsApp. Mafi yawan bidiyon nan da nake gani suna fitowa da saman burauza gaba ɗaya: sunayen shafukan da ke buɗe, adireshin shafi, hoton mai asusun, da layin shafukan da mutum ya adana, wanda kwamfutocinmu masu Faransanci ke kira "barre de favoris". Wanda ya tsayar da bidiyon zai karanta bankin da kake hulɗa da shi da wurin da kake neman aiki. Abin yana damuna, domin bidiyon da ya shiga zaure ba ya dawowa.

Shawarata ita ce a yanke saman nan tun lokacin ɗauka. Idan ka ɗauki allon duka da niyyar datsewa daga baya, fayil na farko yana nan da komai a ciki, kuma shi ne ake turawa bisa kuskure ranar da ake sauri. Danna F11 yana ɓoye saman burauza, amma da zarar wani mahaɗi ya buɗe sabuwar taga, adireshi ya bayyana. Shi kuma Win+Alt+R na Windows yana ɗaukar tagar burauza ne dukanta, har da saman.

Mai Windows 11 da ke son gajeren bidiyo zai iya danna Win+Shift+R, ya ja murabba'i a kan wurin da yake so, ya fara ɗauka. A madannan Faransanci, Shift shi ne Maj. Yana aiki, sai dai kowane lokaci da hannu za ka ja, kuma hannu yakan zarce. Wanda zai riƙa yin darussa a kai a kai gara ya yi amfani da OBS Studio, manhaja ce ta kyauta, ya saita iyakar sau ɗaya da lambobi. Mai tsohuwar kwamfuta da Windows 7 ko 8 ya nemi OBS 27.2.4, domin daga na 28 da ya fito a 2022 an daina tallafa musu. Sunayen da zan kawo na OBS mai Turanci ne. Idan naka na Faransanci ne, shiga Paramètres, Général, Langue ka canza kafin mu fara.

Awo kafin komai

Mu ɗauki misalin malamar da ke son nuna wa ɗalibanta yadda ake cike fom, da laftof mai allo 1366×768, Windows 10 da Chrome. Irin wannan allo yana da yawa a laftof na hannu.

Buɗe Chrome ka faɗaɗa tagar ta cika allo da Win da kibiyar sama. Daga nan danna Ctrl+Shift+B har layin shafukan da aka adana ya fito fili. Mutane sukan ɓoye shi kafin awo, ni kuwa ina ganin akasin haka ne daidai. Dalili shi ne, a nau'o'in Chrome da yawa layin yana dawowa da kansa duk sanda ka buɗe sabon shafi da Ctrl+T, ko da ka ɓoye shi. Idan ka yi awo yana ɓoye, ranar da ya dawo zai faɗo cikin bidiyo. Idan ka yi awo yana fili, mafi munin abin da zai faru shi ne ka rasa ɗan siririn saman shafi sanda ya ɓace, kuma wannan ba asara ba ce.

Yanzu danna PrtScn (wasu madannai sun rubuta Impr écran), buɗe Paint, ka liƙa da Ctrl+V. Kai linzami daidai inda layin shafukan ya ƙare, farin shafi ya fara. A ƙasan Paint ta hagu za ka ga lambobi biyu; ta biyun ita ce nisa daga sama. A ce malamar ta ga 118. Sai ta ƙara biyu ta riƙe 120, don kada siririn layi ya leƙo. Kada ka kwafi lambar nan, auna taka, domin takan bambanta daga nau'in Chrome zuwa wani. Layin ƙasa na Windows 10 tsayinsa fiksel 40 ne idan girman rubutu yana kan 100%, na Windows 11 kuma 48.

Lissafin tsayi ke nan: 768 a cire 120 a cire 40, saura 608. Don bidiyon ya zauna daidai a waya idan an kwantar da ita, ana son faɗi 16 ga tsayi 9, wanda ya ba da kusan 1080. Rarar faɗi ita ce 1366 a cire 1080, wato 286. Idan fom ɗin yana tsakiyar shafi, raba biyu, 143 hagu, 143 dama. Idan shafin yana da jerin zaɓi a hagu da ake buƙata, bar hagu a 0, ka cire 286 duka daga dama. Idan kuwa shafin ya cika faɗin allo, cire 2 kawai daga dama ka yi aiki da 1364×608, saboda OBS yana son faɗin da 4 ke iya rabawa.

Saita OBS

A ƙarƙashin Sources danna +, zaɓi Display Capture, ka amince. Za ka ga allonka yana maimaita kansa ciki da ciki, wannan ba matsala ba ce, OBS ne ke kallon kansa. Danna dama a kan sunan Display Capture, zaɓi Filters, danna + ka ƙara Crop/Pad. Bar alamar Relative a kunne, ka cike haka:

```
Left    143
Top     120
Right   143
Bottom  40
```

Akwai hanya mafi sauri da za ka ji ana faɗa: riƙe Alt ka ja gefen jan murabba'in da ke kewaye da hoton, gefen da aka yanke ya koma kore. Tana aiki, amma yankan yana zama ne a wannan Scene kaɗai, wato shimfiɗar OBS da ka saka Display Capture a cikinta. Ka ƙirƙiri wani Scene ka sake saka wannan Display Capture, ko ka danna Ctrl+R bisa kuskure, allon ya dawo da samansa. Crop/Pad kuwa yana manne da tushen hoton kansa, duk inda aka saka shi a yanke zai fito. Shi ya sa na fi yarda da shi.

Daga nan shiga Settings, Video. Rubuta 1080x608 a Base (Canvas) Resolution, ka rubuta shi kuma a Output (Scaled) Resolution. Lambobin biyu su zama ɗaya, domin idan OBS ya ƙara ko ya rage girma, ƙananan rubutun fom sukan dushe. Sa FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa, a 30. Koma babbar taga, danna hoton, danna Ctrl+F ya zauna daidai, sannan danna ɗan kwadon da ke gefen sunan Display Capture don kada linzami ya ja shi. Idan ka ga baƙin gefe a sama ko a hagu, lissafinka da lambobin Video ba su yi daidai ba, sake duba su.

Saura abu biyu ƙanana. A Settings, Hotkeys, ba Start Recording da Stop Recording maɓalli, misali Ctrl+F9, don ka fara kana cikin burauza, tagar OBS ba ta shiga farkon bidiyo ba. A Settings, Output kuma, zaɓi mkv a Recording Format. Idan wuta ta ɗauke batir kuma ya gaza, abin da aka ɗauka a mkv yana tsira. Daga baya File, Remux Recordings zai mayar da shi mp4 don turawa.

Abubuwan da ke faɗowa cikin iyaka

OBS bai san burauza ba, murabba'i kawai ya sani, daga fiksel na 120 zuwa ƙasa. Duk abin da ya shigo wurin zai ɗauka. Nan ne mutane suka fi faɗawa, bayan sun ɗauka an gama.

Mafi haɗari shi ne wurin rubuta adireshi. Da ka fara rubutu a ciki, Chrome yana sauko da jerin shawarwari daga tarihin bincikenka da shafukan da ka adana, kuma jerin yana saukowa ƙasa da iyakar da ka yanke. Wurin rubutun ba zai fito ba, amma jerin zai fito sarai. Maganinsa shi ne ka buɗe duk shafukan da darasin ke buƙata kafin ka fara, ka riƙa zagayawa tsakaninsu da Ctrl+Tab. Haka sabon shafi na Ctrl+T yake nuna wuraren da ka fi ziyarta a tsakiyar allo. Akwatin da ke tambaya ko a adana kalmar sirri, da wanda ke nuna fayilolin da aka sauke, su ma daga sama suke saukowa su rufe wani sashe na shafin. Idan darasin dole sai an rubuta adireshi, buɗe Chrome a matsayin baƙo, wato Guest ko Invité, ta hoton asusu da ke sama dama. Wannan taga ba ta ɗauke da tarihinka ko shafukan da ka adana. Sai dai a tagar baƙo tsayin saman na iya bambanta, don haka auna shi a can.

A ƙasa ta hagu kuma, duk sanda linzami ya tsaya kan mahaɗi, Chrome yana nuna adireshinsa a ɗan siririn akwati. Wani lokaci lambar rajistar ɗalibi tana cikin adireshin. Idan shafin irin wannan ne, ƙara Bottom daga 40 zuwa 64, ka mayar da tsayi 584 a Video, sannan ka buɗe kwadon ka sake danna Ctrl+F. Sanarwar WhatsApp da ta wasiƙa suna fitowa a ƙasa ta dama, kuma 143 bai isa ya ɓoye su ba. Kunna Focus assist a Windows 10 ko Do not disturb a Windows 11 kafin ka fara.

Sai abin da ke gusar da iyakar kanta. Ƙara girman shafi da Ctrl da + ba ya taɓa tsayin saman burauza, yi abinka. Amma idan ka rage tagar daga cikon allo, ko ka canza Scale na Windows daga 100% zuwa 125%, ko ka jona majigi a aji girman allon ya canza, lambar 120 ta tashi aiki. A 125% saman zai kai wajen 150, ƙasan layin shafukan ya bayyana a bidiyo. Duk sanda ɗaya daga cikin ukun nan ya faru, koma Paint.

Kafin darasi na gaske, ɗauki gwaji na daƙiƙa 20, ka yi duk abin da za ka yi a ciki: sauya shafi, danna mahaɗi, sauke fayil. Buɗe shi a VLC, tsayar da shi daidai wurin sauya shafi, ka riƙa danna E yana matsawa hoto ɗaya ɗaya, idonka a kan gefen sama da kusurwar ƙasa ta hagu. Idan wani siririn layi mai launin toka ya leƙo a sama, ƙara Top da 4 ka bar Bottom yadda yake don kada layin ƙasa na Windows ya leƙo, ka rage tsayi da 4 a Video, 608 ya koma 604, ka buɗe kwadon ka sake danna Ctrl+F, sannan ka sake gwajin.