Bakin katun da muryar Hausa: inda aka fi yin tuntuɓe

Yawancin samarinmu da ke koyon katun a Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, da allon siffofin baki na Preston Blair, mai zanen katun ɗan Amurka, suke fara aiki, wato hotunan nan kusan goma da aka tsara don Turanci. Allon ba shi da laifi. Matsalar tana tasowa ne ranar da wani situdiyo a Yaba ya miƙo musu muryar Hausa ya ce a ɗora wa ɗan katun, domin Hausa tana da abubuwan da ido ke gani a baki da waɗanda kunne kaɗai ke ji, kuma rubutun boko bai nuna ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman a zana karin sauti a leɓe. Wani ya ji an ce Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da faɗau, sai ya riƙa wangame baki a kowace gaɓa mai karin sama, ya tsuke shi a mai karin ƙasa. Karin sauti a maƙogwaro ake yin sa, tantanin murya ne ke ɗaurewa ko ya saki, leɓɓa ba su da hannu a ciki. Tsaya gaban madubi ka ce "kuka" na hawaye, sannan ka ce "kuka" ta miya. Kunnenka zai ji gaɓar ƙarshe ta sauka a ta biyun, amma bakinka bai sauya komai ba: zumɓura, sannan buɗewa. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Saboda haka siffofi iri ɗaya za ka ba su, firem da firem. Idan ka ga ɗan katun yana magana kamar mai taunar ƙashi, muƙamuƙi na hawa da sauka ba dalili, galibi wannan ne ya faru.

To ina tashin murya zai bayyana? A kai da gira, shi ma ba a kowace gaɓa ba. Ka saurari jimlar gaba ɗaya, ka nemi wuri ɗaya ko biyu da mai maganar ya matsa wa kalma, ko inda murya ta ɗaga a ƙarshen tambaya, nan za ka ɗaga gira ko ka ɗan sunkuyar da kai. Ka lura kuma cewa a doguwar jimla muryar Bahaushe tana gangarowa a hankali, har karin sama na ƙarshe ya kan yi ƙasa da na farko. Wanda ya ce zai bi layin tashin murya da manhajar nazarin sauti ta Praat ke zanawa ya motsa kai da shi, ɗan katunsa zai ƙare jimla haɓa a ƙirji.

Abin da ido ke gani sosai, aka kuma fi mantawa da shi, shi ne tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo karinsu ɗaya, rubutunsu ɗaya, bambancin kawai a na tuwo an ja wasalin farko. Wannan jan lokaci ne, kuma lokaci shi ne hajar mai katun. A firem 25 cikin daƙiƙa, gajeren "a" kan ɗauki firem biyu ko uku, dogon kuma huɗu zuwa shida, gwargwadon saurin mai magana. Ba tsawo kaɗai ba: a dogon "a" muƙamuƙi yana samun sararin sauka sosai, a gajeren kuwa baki bai gama buɗewa ba an wuce. Don haka ka tanadi hotuna biyu na "a", babba da ƙarami. Abokan aikinmu Yarbawa sun saba da rubutun da ke ɗauke da alamomin kari a kan wasula, sukan ɗauka takardar Hausa ma ta faɗi komai. Idan tare kuke aiki, kafin ka miƙa takardar ka saurari muryar ka ninka duk dogon wasali da biro.

Bari mu bi jimla ɗaya: "Zan ba Fati garin kuka." A ce ta ci kusan firem 45.

Kalmar farko tana da tarko. An rubuta "zan", amma ba wanda ke faɗin "n" a nan, saboda "b" da ke biye ta mayar da shi "m". Abin da ke cikin muryar shi ne "zam baa". Mai bin takarda zai bar baki a buɗe da harshe a dasashi, alhali ya kamata leɓɓa su haɗe tun ƙarshen "za", su zauna a rufe firem uku ko huɗu, su buɗe kai tsaye cikin babban "a". Irin wannan ya cika Hausa: "gidan Bala", "'yan mata", kuma da yawa daga masu magana "rigar Bala" tana fita "rigab Bala". Duk inda aka ji "m", "b" ko "ɓ", kada rufewar ta gaza firem biyu, domin firem ɗaya ido ba ya kama shi. A "babba" kuwa, rufewar tsakiya ta fi ta farko daɗewa.

Sai "Fati". A allon Turanci siffar "f" ita ce haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, Yarbanci ma haka yake yi. Bakano kuwa da leɓɓa biyu yake yin ta, su matso kusa iska ta fita tsakaninsu, wani lokaci ma ta koma kamar "p". Basakkwace zai ce "Hwati", leɓɓa a zumɓure. Ka tambayi wanda ya ba da muryar daga ina yake, ko ka ɗauki bidiyon bakinsa da waya yayin da yake karantawa. Mai amfani da Rhubarb Lip Sync, manhajar da ke sauraron murya ta jera siffofin baki da kanta, ya zaɓi hanyar da ba ta dogara da Turanci ba, ya kuma cire siffar G, wadda ita ce ta haƙori a kan leɓe:

```
rhubarb -r phonetic --extendedShapes HX -o baki.tsv murya.wav
```

Abin da ya fito daftari ne, sai an bi shi da hannu.

"Garin" ta samu babban "a" a gaɓar farko, "rin" ta wuce da siffa ɗaya mai nuna haƙora. Ba kowane baƙi ke buƙatar hotonsa ba: "t", "g", "r", "k" a cikin baki suke faruwa, wasalin da ke kusa ne ke ba su siffa. Shi ya sa a "kuka" leɓɓa suke fara zumɓura tun ana kan "n" na "garin", kafin a ji "u". Ƙa'idar kenan ko'ina: siffa ta riga sauti da firem ɗaya ko biyu. "Kwana", "gwani" da "ƙwai" duk da zumɓurarren baki ake shigarsu.

Akwai kuma kurakuran da ba na harshe ba. Muryar da aka ɗauka janareta na ruri a bayan gida tana ɓoye wuraren shiru a zanen sauti, su ne kuwa ke nuna maka inda leɓɓa suka rufe. A sake ɗauka ya fi a yi ta cinta. Kada ka duba aikinka da abin kunne na Bluetooth, yana jinkirta sauti, sai ka ja duk siffofin baya kana ganin gyara kake yi. Idan kuma farkon bidiyo ya dace amma baki na ƙara tsere wa murya yayin da ake tafiya, ba zanenka ba ne: an yi aikin a firem 24, aka kunna shi a 25. A minti ɗaya tazarar ta haura daƙiƙa biyu. Tun kafin ka zana baki ɗaya ka tambayi situdiyon a nawa za su fitar, ka saita fayil ɗinka a kan wannan.