«Zai gyara», wa ke nan? Kurakuran masu taƙaita yarjejeniya

Yawancin yarjejeniyoyin haya da lauyoyi ke rubutawa da Turanci suke, masu sa hannu kuwa da yawa taƙaitawar Hausa da aka yi musu ita suka sani, ita suke ajiyewa a aljihu, ita kuma suke zarowa ranar da rigima ta tashi. Shi ya sa raina ke ɓaci idan sabon magatakarda ya kawo mini taƙaitawa na karanta layi uku ban gane wa aka ɗora wa wane nauyi ba. Kurakuran kusan iri ɗaya ne kullum.

Mafi muni shi ne barin «shi» da «zai» da «nasa» su yi ta yawo tsakanin maza biyu. Ga wata jimla da ta taɓa fita daga ofishinmu, kan hayar shagon kayan masarufi:

«Idan ɗan haya ya sanar da mai shago cewa rufi na yoyo, zai gyara cikin kwana 14, in bai yi ba zai gyara ya cire kuɗinsa, sai dai in shi ya jawo ɓarnar.»

Wanda ya rubuta ya san abin da yake nufi, domin asalin yarjejeniyar na gabansa. Amma ka ɗauke asalin ka sake karantawa. «Zai gyara» na farko ya fi kama da ɗan haya, tunda shi aka fara ambata kuma shi ke aikin sanarwa. Alhali a asali mai shago ne. «Zai gyara» na biyu kuma ɗan haya ne, ba tare da wata alama da ta nuna an sauya mutum ba. «Kuɗinsa» fa, kuɗin gyaran ne, ko kuɗin ɗan haya, ko na mai shago? Daga me za a cire?

Damina ta zo, ruwan Agusta ya sauka, kwano ya buɗe ta inda ƙusa ta ci. Ɗan haya ya aika wa Alhaji mai shago, Alhaji ya buɗe takardarsa ya ce ai ga shi a rubuce, kai za ka gyara. Kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa. Na je shagon na ga buhunan fulawa sun dunƙule, katan-katan na taliya sun jiƙe sun ɓare ta gindi, an jera robobi ana tarar ruwa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowanne abin da ya karanta ya faɗa. Sulhu ya ɗauki lokaci, kuma Alhaji, wanda duk takardun gidajensa mu ke yi, bai sake tako ƙofarmu ba.

Abin da nake yi tun daga nan shi ne, a saman takarda in raɗa wa kowane ɓangare suna ɗaya: Mai Shago, Ɗan Haya. Ba na sauya shi har ƙarshe. Sannan duk jimlar da ke ɗauke da wani nauyi da sunan mai nauyin take farawa. Waccan jimla ɗaya ta zama haka:

1. Ɗan Haya zai sanar da Mai Shago a rubuce idan rufi ya fara yoyo.
2. Mai Shago zai gyara rufin cikin kwana 14 daga ranar da sanarwar ta isa hannun Mai Shago. Mai Shago ne zai biya kuɗin gyaran.
3. Idan kwana 14 suka wuce Mai Shago bai gyara ba, Ɗan Haya na iya gyarawa. Ɗan Haya zai nuna rasit, sannan ya cire abin da ke cikin rasit daga kuɗin hayar shekara mai zuwa.
4. Idan Ɗan Haya ne ya jawo yoyon, Ɗan Haya zai gyara kuma Ɗan Haya zai biya. A nan lamba 2 da 3 ba sa aiki.

Yara kan ce mini, «Malam, maimaitawar ta yi yawa, ba daɗin karatu.» Wa ya ce maka waƙa kake rubutawa? Dukiyar mutane ce a hannunka. Ina barin wakilin suna ne kawai idan mutum ɗaya tak ke cikin gaɓar jimlar, kamar «ya cire» a lamba 3. Wasu abokan aikina suna ganin na cika tsanani, suna cewa idan ɗaya mace ce ɗaya namiji «ta» da «ya» sun wadatar. Ban yarda ba. A ce mai shagon Hajiya ce, ɗaya ɓangaren kuma ƙungiya, dukansu «ta» ne, yarjejeniyar kanta ma «ta» ce.

Na biyu da ke ƙona mini rai shi ne «za a». Za a biya kuɗin wuta. Za a yi fenti kafin a fita. Za a sabunta takarda. Mu Hausawa muna son wannan salo saboda kara, ba ka nuna babba da yatsa ka ce kai za ka biya. A zaure ladabi ne, amma a takarda aikin da aka ce «za a yi» babu mai yin sa. Kuma na lura ba kullum ladabi ke kawo shi ba. Sau da yawa mai taƙaitawar ne bai gane wa asalin ke nufi ba, sai ya lulluɓe rashin ganewarsa da «za a». Wannan ha'inci ne, ko da ba a yi niyya ba. Idan asalin da kansa bai fayyace ba, kada ka yi hasashe, kada ka zaɓa wa mutane. Ka ja layi a ƙarƙashin wurin ka mayar wa lauyan da ya rubuta ya gyara kafin a sa hannu. Ka kuma tuna akwai ƙa'ida a shari'ar kwangila cewa sharaɗi mai harshen damo kotu kan fassara shi ta yadda ba zai amfani ɓangaren da ya tsara shi ba. Wato duhun da ka bari kan wanda ya ba ka aikin zai iya faɗawa.

Doguwar jimla ita ce maɓoyar waɗannan duka. Da ka ga «idan», «sannan», «amma» da «sai dai» sun taru a jimla ɗaya, yanka ta. Nauyi ɗaya, jimla ɗaya: wa zai yi, me zai yi, wa zai yi wa, zuwa yaushe. Togaciya kuma ta samu lambarta, ta faɗi lambobin da take sokewa. A waccan jimla ta farko ba wanda zai iya cewa «sai dai» ta shafi gyaran ne ko cire kuɗin kaɗai.

Sauran ƙanana ne. Kada ka rubuta «zai» inda asali ya ba da zaɓi, «na iya» ake cewa. Kada ka ce «su biyun za su biya» ba ka faɗi kason kowa ba. «Cikin wata ɗaya» ba ya wadatarwa sai ka faɗi daga wace rana, kuma na Bature ne ko na Musulunci, gara ma ka rubuta kwanaki. A gefen kowace lamba ka sa sashen asali da ta fito, a ƙasa kuma ka rubuta cewa idan taƙaitawa ta saɓa da asali, asali ake bi.

Kafin takarda ta bar teburina nakan kira wanda bai taɓa ganin asalin ba, ko masinja ne, in karanta masa da ƙarfi. Bayan kowace lamba in tambaye shi: wa zai yi, da kuɗin wa? In ya yi jim, ko ya ce «wane daga ciki?», layin nan sai an sake shi.